Auna tsayin bishiya ko gini da kusurwar ɗagawa

Auna tsayi da kusurwar ɗagawa hanya ce ta lissafi da ake gano tsayin doguwar bishiya, hasumiya ko bene da ita ba tare da an hau ba. Abu biyu ake aunawa daga ƙasa: tazarar da ke tsakanin mai awo da gindin abin, da kuma kusurwar da idonsa ke yi idan ya ɗaga shi zuwa ƙololuwa. Masu safiyo da ma'aikatan gandun daji suna aiki da ita, kuma tana cikin darussan farko na lissafin alwatika a makarantun sakandare.

Kusurwar ɗagawa ita ce wadda ke tsakanin layi biyu da suka tashi daga idon mai awo. Ɗaya ya miƙe a kwance, daidai da tsayin ido, ɗaya kuma ya haura zuwa ƙololuwa. Waɗannan layuka biyu, tare da jikin bishiyar a tsaye, su ne ke haɗa alwatika mai kusurwar digiri 90. A irin wannan alwatika, idan aka raba gefen da ke tsaye da gefen da ke kwance, amsar ta dogara ne ga girman kusurwar kaɗai, ko alwatikan ƙarami ne ko babba. Wannan rabon shi ne tanjan na kusurwar, wanda ake rubuta shi tan. Daga nan ƙa'idar ta fito:

```
h = d × tan A + e
```

A nan h tsayin abin ne, d tazarar ƙasa, A kusurwar ɗagawa, e kuma tsayin idon mai awo daga ƙasa. Dalilin ƙara e shi ne alwatikan daga ido ya fara, don haka abin da tanjan ya bayar tsayin ɓangaren da ke sama da ido ne kawai.

Ana auna tazara da tef na awo, kusurwa kuwa da kilinomita, ko tiyodolait idan aikin safiyo ne. Ana iya haɗa kilinomita mai sauƙi da furotirakta da zare mai ɗan nauyi a ƙarshensa. A leƙa ƙololuwa ta miƙaƙƙen gefen furotiraktar, a karanta inda zaren ya tsaya, sannan a ɗauki bambancin wannan lamba da 90. Idan zaren ya tsaya a kan 55, kusurwar digiri 35 ce.

Misali, mutum ya tsaya mita 24 daga gindin bishiya a fili shimfiɗaɗɗe, idonsa yana mita 1.6 daga ƙasa, kilinomita ta nuna digiri 35. Tanjan na digiri 35 kusan 0.700 ne. Idan aka ninka shi sau 24 za a sami mita 16.8, a ƙara 1.6, tsayin bishiyar ya zama mita 18.4. Kafin a amince da kalkuleta, a duba cewa tana kan DEG, wato ma'aunin digiri. Idan tana kan RAD, wato wani ma'aunin kusurwa na daban, za ta ba da tanjan na 35 a matsayin 0.474, bishiyar ta koma mita 13 ba tare da wata alamar kuskure ba. Gwajin yana da sauƙi: tan 45 dole ya ba da 1 cif.

Lissafin kansa ba ya ba da wahala. Yawancin kuskure daga wurin tsayawa yake zuwa, domin tanjan ba ya ƙaruwa da sauri ɗaya a ko'ina. A misalin da ya gabata, da hannu ya ɗan girgiza aka karanta 36 maimakon 35, amsar za ta ƙaru da kamar mita 0.6. Amma a ce an matsa har tazarar ta zama mita 3, inda kusurwar ta kai wajen digiri 80. Tanjan na 80 shi ne 5.671, na 81 kuma 6.314, saboda haka kuskuren digiri ɗaya tak ya zama kusan mita 2. Ja da baya da yawa shi ma ba ya taimakawa, don kusurwa ƙarama ƙwarai tana sa digiri ɗaya ya zama babban kaso na dukkan awon. Kuskuren ya fi ƙanƙanta a wajen digiri 45, wato idan tazarar ta yi kusan daidai da tsayin da ake nema. A daidai digiri 45 ma ba a buƙatar kalkuleta: tsayin shi ne tazara da tsayin ido a haɗe.

Matsala ta biyu ta fi shafar bishiya fiye da gini. Ƙa'idar ta ɗauka cewa ƙololuwa tana saman wurin da aka ja tef zuwa gare shi, kai tsaye. Bango a tsaye yake, amma bishiya takan karkata, kuma reshenta mafi tsawo ba lallai ya kasance saman kututture ba. A ce reshen da aka saita ya zo mita 3 ta wajen mai awo. Ainihin tazarar ta zama mita 21, ba 24 ba, tsayin reshen kuma mita 16.3 ne, alhali lissafi ya ce 18.4. Bishiya mai faffaɗan kai ta fi yaudara, domin ganyen da ke kusa yakan tare ƙololuwar, mutum ya ɗauka shi ne ƙarshe. Ana gane wannan ta hanyar sake awo daga ɗaya ɓangaren. Idan amsoshin biyu suka yi nisa da juna, bishiyar ta karkata ne ko an saita reshen da ba shi ba. Sai a tsaya a gefe, inda ake ganin karkatar zuwa dama ko hagu, a ja tef zuwa wurin da ke ƙarƙashin ƙololuwar.

A gangare, tef da aka shimfiɗa a ƙasa yana ba da tazarar da ta fi ta kwance tsawo, don haka sai a riƙe shi a miƙe ko a gyara lissafin. Tsayin ido ma ba ya aiki a nan. Ana ɗaukar kusurwa biyu, ɗaya zuwa ƙololuwa, ɗaya zuwa gindi. Idan gindin yana ƙasa da ido, a haɗa tanjan ɗinsu kafin a ninka da tazara, idan yana sama da ido kuma a ɗebe.

Wani lokaci ba a iya isa gindin, ko saboda katanga, ko ruwa, ko kuma don tsakiyar ginin tana can ciki. A nan ana ɗaukar kusurwa A daga nesa, a matsa gaba a kan layi ɗaya tazarar d da aka auna, a ɗauki kusurwa B:

```
h = d × tan A × tan B ÷ (tan B − tan A) + e
```

Idan A digiri 30 ce, B digiri 40, d kuma mita 20, ɓangaren da ke sama da ido ya kai kusan mita 37, ginin kuma mita 38.6 idan tsayin ido mita 1.6 ne. Wajibi ne kusurwoyin biyu su bambanta sosai, domin da bambancin tanjan ɗinsu ake rabawa, kuma idan ya yi ƙanƙanta, ɗan kuskure yana iya ninka amsar. Irin wannan awo na kusurwa biyu masanin lissafi da taurari al-Biruni ya bayyana a ƙarni na 11 don gano tsayin dutse, kuma da tsayin wani dutse a Nandana, cikin Pakistan ta yau, ya lissafa girman duniya.