Mene ne "jigo" a binciken da aka yi ta hanyar hira?

Duk wanda ya zauna ajin adabin Hausa ya san jigo, wato saƙon da waƙa ko labari ya ginu a kai. Masu binciken da ke tattara bayani daga bakin mutane su ma da wannan kalma suke aiki. A wurinsu jigo ma'ana ce da ke ta dawowa a maganar mutane daban-daban, wadda kuma take amsa tambayar binciken. Hanyar fitar da shi da ta fi yaɗuwa ita ce mai matakai shida, wadda Virginia Braun da Victoria Clarke suka tsara a 2006.

A ce ɗaliba ta yi hira da mata 15 kan abin da ya sa suke haihuwa a gida. Za ta fara da rubuta hirarrakin kalma bayan kalma, kuma hirar awa ɗaya takan ci awa huɗu zuwa shida. Sai ta karance su tsaf, sannan ta riƙa liƙa wa kowace gaɓa ɗan laƙabi. Wata ta ce, "Sai da na jira maigida ya dawo daga kasuwa": laƙabinta "jiran izini". Wata ta ce, "Uwar mijina ta ce ita ma a ɗaki ta haifi nata": wannan "maganar suruka". Wata kuma kuɗin mota ne ba ya hannunta. Idan ta jera laƙuban nan uku, za ta ga abu ɗaya suke nunawa: shawarar zuwa asibiti ba a hannun mai naƙuda take ba. Wannan jimlar ita ce jigo.

Inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe shi ne su rubuta "matsalar kuɗi" ko "al'ada" su ce jigo ne, alhali kanun magana ne kawai. Gane wannan ba wuya. Idan jigoginki sun yi daidai da jerin tambayoyin da kika yi, to amsoshi kika tara, ba ki fara nazari ba tukuna.

Sai batun tsakure, wato maganar mutum da ake kawowa yadda ya faɗe ta don ta zama shaida. Zuciya takan karkata ga mafi ban tausayi, ko ga mace mai fasahar baki, har a wayi gari rabin tsakuren daga mutum biyu ya fito. Ki ƙirga na kowa. Ki zaɓi maganar da ta yi kama da ta mafi yawansu, kuma idan akwai wadda ta ce ita da kanta ta ƙi zuwa asibiti, ki kawo ta, domin ita ce ke nuna iyakar jigon. Kada ki goge mata harshe ta koma kamar mai karanta labarai. Sunanta kuwa ki musanya shi da lamba, ki cire sunan unguwa da sana'ar miji, don a ƙaramin gari waɗannan biyun sun isa a gane ta.