Me ya sa wasu ke tausaya wa Voldemort? Tambayoyi da amsoshi

Mutumin da ya yi yunƙurin kashe Harry Potter yana jariri, wane irin tausayi kuma?

Tausayi daban, wankewa daban. Na sha faɗa, kuma zan sake. Babu mai hankalin da ya karanta littattafan Harry Potter guda bakwai na J.K. Rowling, daga na 1997 har na 2007, ya ce Voldemort ba mugu ba ne. Abin da ake nufi shi ne, an nuna mana inda yaron ya kauce hanya, an kuma nuna cewa zai iya komowa amma ya ƙi.

To ai maraici ne kawai hujjarku.

A'a. Harry ma maraya ne, kuma a ɗan lungun ƙarƙashin matattakala ya girma, cikin 'yan'uwan da ba sa ƙaunarsa.

In ba maraici ba, mene ne?

Fahimtar da ya yi wa mutuwar uwarsa. Merope Gaunt ta tashi a hannun uba da wa masu wulaƙanta ta, ta ƙyalla ido a kan Tom Riddle, ɗan masu kuɗin ƙauyen Little Hangleton, wanda ba shi da sihiri. A hasashen Dumbledore, shugaban makarantar sihiri ta Hogwarts, maganin mallaka ta ba shi. Da ta daina ba shi, sai ya gudu ya bar ta da ciki. Ta sayar da sarƙar gadon kakansu Slytherin a kan galiyon 10 kacal na kuɗin masu sihiri, ta haihu a gidan marayu a Landan a daren ƙarshe na shekarar 1926, ba ta wuce awa guda ba ta cika, bayan ta ce a sa wa yaron sunan ubansa, Tom Riddle, wanda daga baya ya koma Voldemort.

Da Dumbledore ya je wurin yaron yana ɗan shekara 11, ya gaya masa shi mai sihiri ne, sai yaron ya yanke hukunci nan take: lallai ubansa ne mai sihirin, don da uwarsa tana da shi da ba ta mutu ba. Ku tsaya a kan wannan magana, domin duk labarin daga nan ya tsiro. Yaro ya ɗauki mutuwa a matsayin abin kunya da ke samun raunana kawai. Daga baya ya gano akasin zatonsa, uwar ce mai sihiri, uban kuwa yana nan da rai bai taɓa nemansa ba. Yana ɗan shekara 16 ya je ya kashe uban da kakanninsa biyu, ya ɗora wa kawunsa Morfin laifin. Sannan ya shiga yayyaga kurwarsa yana ɓoyewa cikin kayayyaki, abin da ake kira Horcrux, kuma kurwa ba ta yaguwa sai da kisan kai. Duk wannan don gudun mutuwa, amma ya mutu yana da shekara 71, alhali Dumbledore ya haura ɗari.

An ce tunda da maganin mallaka aka sami cikinsa, ba zai iya son kowa ba.

Ku daina yaɗa wannan. Babu inda littafin ya kafa wannan doka. Marubuciyar da kanta ta bayyana a 2007 cewa alama ce kawai ta haɗuwar da babu so a cikinta, kuma da Merope ta rayu ta rene shi da komai ya sauya. In da a ce haka aka halicce shi, ai ba shi da laifi ke nan, kuma babu abin takaici, sai dai a ji tsoronsa kamar yadda ake tsoron maciji.

Malam, ina rubuta dogon labari, ina so mugun ya ba masu karatu tausayi ba tare da na wanke shi ba. Yaya zan yi?

Wannan ba ta da amsa guda, kuma abin da ya yi aiki a littafi bakwai ba lallai ya yi a naki ba. Amma ga abin da nake gani, ki auna.

Ki lura da lokaci. Sai a littafi na shida aka buɗe mana ƙuruciyar Riddle sosai, bayan mun ga gawar Cedric Diggory, ɗalibin da ya sa aka kashe, a na huɗu. Mai karatu ya riga ya san ɓarnar, don haka tarihin bai share ta ba. In kika fara da kukan maraya tun babi na farko, akwai yiwuwar masu karatu su koma bayansa, su riƙa ba shi uzuri. Ban ce ba a yi ba, ana yi, amma sai mai hannu sosai.

Kuma kada ki tsarkake yaron. A wannan ziyara ta gidan marayu, matar da ke kula da su ta ba da labarin zomon wani yaro da aka tarar a rataye a rufin ɗaki, da yara biyu da Tom ya kai cikin kogo, suka dawo ba su ƙara zama daidai ba. A cikin kabad ɗinsa akwai kwali mai ɗauke da ƴan kayan da ya ƙwace wa yara: abin wasa, ƴar hular yatsa ta ɗinki, da ƴar sarewar baki. Kayan ba su da wata daraja, ya adana su ne don tuna ranar da ya fi ƙarfin wani. Mai karatu yana ganin yaron da ba shi da komai a duniya, a lokaci guda yana ganin azzalumi yana tasowa. In ɗaya ya rinjayi ɗaya, abin ya lalace.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne ƙofar komowa. Hermione, abokiyar Harry, ta karanto cewa kurwar da aka yaga tana iya haɗewa in mutum ya yi nadama ta gaskiya, sai dai zafinta na iya hallaka shi. A karon ƙarshe, gaban jama'a, Harry ya kira shi da sunansa na yanka, ya ce ya gwada yin nadama, don ya riga ya ga abin da kurwarsa za ta zama: wata halitta kamar jariri, fata a saɓule, tana nishi a ƙarƙashin kujera, babu mai iya taimakonta. Voldemort ya ƙi. To ki tambayi kanki, a wane shafi mugunki zai iya juyawa, kuma me juyawar za ta ci masa? In ba ki iya nuna shafin ba, wataƙila dodo kika rubuta. Dodo ma yana da amfaninsa a labari, kada ki damu, amma ba shi kika ce kina nema ba.

Sai dai in gaya miki gaskiya, ko a kan Voldemort ɗin ba a haɗu ba. Akwai masu cewa tunda ba a taɓa nuna shi yana son wani ko yana jinkiri kafin mugunta ba, to bai faɗo daga ko'ina ba, kuma mai ban tausayi na gaskiya uwarsa ce. Hujjarsu tana da ƙarfi. Ni dai ina ganin roƙon da ya yi a bar shi ya zauna a Hogwarts lokacin hutu maimakon komawa gidan marayu ya nuna akwai wuri guda da ya ɗauka gida. In za ki iya, ki ba naki mugun fiye da haka.

Shin Dumbledore ba shi da laifi a lalacewarsa?

Ya tsorata yaron da wutar da ya kunna wa kabad ɗinsa, daga baya ya zuba masa ido maimakon ya ja shi a jiki. Ana iya yi masa wannan ƙorafi. Amma ba shi ya saki macijin da ya kashe wata ɗaliba mai suna Myrtle ba, ba shi ya laƙa wa wani ɗalibi, Hagrid, sharrin kisan ba.

Ni fim kawai na kalla, ban ga duk wannan ba.

Shi ya sa. Fim na shida ya yanke labarin gidan Gaunt gaba ɗaya. Ka nemi littafi na shida ka karanta babi na 10, 13, 17, 20 da 23, sai babi na 35 a na bakwai, sannan ka dawo mu yi gardama.