Me ake nufi da gyaran hoto marar ɓarna?

Gyara marar ɓarna shi ne a canza kamannin hoto ba tare da an taɓa asalinsa ba, ta yadda ko bayan wata guda za a iya dawo da abin da aka cire. Wasu na dogara da Ctrl+Z, alhali History na Photoshop, wato jerin matakan da ake iya komawa baya a kansu, yana ɓacewa da zarar an rufe fayil.

A ce mai sayar da turare ta kawo hoton kwalba a kan tebur, tana so a sa wata a madadinta. Kada ka taɓa Background, wato leyar ƙasa da asalin hoton yake kai. Buɗe sabuwar leya wadda ba komai a kanta, ka ɗauki Clone Stamp, ka sa Sample a kan Current & Below, ka rufe tsohuwar kwalbar da launin tebur da na bango. Tana nan a ƙasa, lulluɓe ta kawai aka yi.

Sai ka shigo da sabuwar ta File > Place Embedded, za ta sauka a matsayin Smart Object. Smart Object ya zo ne da Photoshop CS2 a 2005, kuma aikinsa adana cikakken hoton a cikinsa. Leyar da ba Smart Object ba ce, in ka ƙanƙance faɗinta daga fiksel 3000 zuwa 600, sauran sun tafi. Ranar da ka sake faɗaɗa ta za ka ga rubutun jikin kwalbar ya dushe. Smart Object kuwa daga asalin yake sake lissafi kowane lokaci.

Wajen cire bayan sabuwar kwalbar ne aka fi yin ɓarna, domin hannu ya saba da Eraser. Ka bar shi, ka sa Layer Mask. Baƙi yana ɓoyewa, fari yana bayyanawa. In burushi ya ci gefen murfi, danna X ka juya zuwa fari, ka shafa wurin, murfin ya dawo. Inuwa ma a ba ta tata leyar, a kan Multiply, ƙarƙashin kwalbar. Ni nakan tara waɗannan duka a rukuni ɗaya in sa masa suna, saboda ran da mai kaya ta ce tsohuwar ta fi, kashe idon rukunin kawai zan yi. In ta kawo ta uku, akwai Replace Contents, mai musanya hoton da ke cikin Smart Object, sai dai a gyara Layer Mask ɗin in siffar ta bambanta.

A kula da Ctrl+J: kwafin Smart Object da aka yi da shi cikinsu ɗaya ne, ka canza ɗaya duka su canza. In kana son mai zaman kansa, New Smart Object via Copy za ka zaɓa.

Duk wannan ba ya tsira a JPEG, domin yana haɗe leyoyi wuri guda. JPEG ake tura wa mai kaya, PSD ka riƙe a wajenka, in ya haura gigabait 2 sai PSB.