Ƙarancin jini ga mai juna biyu

Ƙarancin jini shi ne raguwar himogulobin, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini mai kai iskar oksijin ga gaɓoɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar mai ciki a matsayin mai ƙarancin jini idan awonta ya gaza giram 11 a kowace desilita, ko 10.5 a wata uku na tsakiyar ciki, idan kuma ya gaza 7 ya yi tsanani. A asibitocin Najeriya an fi rubuta PCV a takardar gwaji, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, inda kashi 33 ya yi daidai da giram 11, kashi 21 kuma giram 7.

Ciki kansa yana tsinka jini, domin ruwan jini yana ƙaruwa da kusan rabi alhali ƙwayoyin ba su ƙaru haka ba. Wannan ba ciwo ba ne. Babban sanadin ciwon shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe: ciki ɗaya yana cin kimanin miligiram 1,000, kuma macen da ke kunika, ko ta saba zubar da jinin al'ada mai yawa, takan shiga cikin da rumbunta fayau. A ƙasar Hausa sai a haɗa da zazzaɓin cizon sauro mai farfasa ƙwayoyin jini, da tsutsar ciki, da ƙarancin folik asid, da sikila. Mai sikila ba a ba ta ƙarfe sai gwaji ya nuna ta rasa shi, don jikinta yakan tara shi ya yi mata yawa.

Kasala, jiri, bugun zuciya da haki su ne alamunsa, amma sau da yawa akan ɗora su a kan laulayi. Ma'aikaciyar awo takan ja fatar idon mace ta duba, ta kalli tafin hannu da harshe. Idan sun yi fari fat, jinin ya riga ya yi ƙasa sosai. Gwaji ne ke kama shi da wuri.

Maganin farko ƙwaya ce. Don rigakafi ana shan miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe kullum tare da folik asid. Don magani Hukumar ta ba da shawarar miligiram 120. Ƙwayar feros salfet mai miligiram 200 tana ɗauke da kimanin 65 na ƙarfen zalla. Tana da arha, tana kuma aiki, in dai an sha ta. Nan gizo ke saƙa, domin tana kawo tashin zuciya da taurin bayan gida, mata da yawa kuma sukan ajiye ta shiru ba su gaya wa kowa ba. Baƙin bayan gida da take sawa ba abin tsoro ba ne. Shayi yana hana hanji tsotse ta, lemo kuwa yana taimakawa. Idan bayan mako biyu zuwa huɗu awon bai motsa ba, ko ba a shan maganin, ko jini na zurarewa ta wata hanya, ko kuma tun farko ba ƙarfe ne matsalar ba.

Allurar ƙarfe ta jijiya ake yin ta, cikin ƙarin ruwa. Ta tsoka an bar yayinta saboda zafi da tabon da take bari. Ba a yin ta a wata ukun farko. Ferik kaboksimaltos, wani nau'in allurar jijiya, yana iya kai miligiram 1,000 cikin jiki a zama ɗaya na minti 15, amma da tsada, kuma sai a inda za a iya ceto mace idan jikinta ya ƙi maganin. Wani gwaji da aka yi kan mata sama da dubu a Kano da Legas, wanda aka wallafa a 2024, ya nuna allurar ta fi ƙwaya cike gurbin ƙarfe, sai dai yawan masu ƙarancin jini a mako na 36 bai bambanta sosai ba.

Abin da ke raba gardama tsakanin ƙwaya da allura shi ne kwanakin da suka rage kafin haihuwa. Mace mai giram 9 a mako na 20 tana da wata huɗu a gabanta, ƙwaya ta ishe ta. Da za ta zo da wannan awon a mako na 34, allura ta fi dacewa. In kuwa giram 6 ne a mako na 37, ga haki ko tana zaune, ƙafa ta kumbura, to ko allura ba za ta riske ta ba, domin ɓargo yana buƙatar makonni kafin ya ƙera sabon jini, kuma zubar jinin haihuwa da mai lafiya za ta jure yana iya kashe ta.

A nan ake duba ƙarin jini: awo ƙasa da 7 dab da haihuwa, alamar zuciya ta fara gazawa, ko zubar jini mai yawa. Leda ɗaya tana ɗaga awo da kusan giram 1. Kafin a ɗaura sai an gwada dacewarsa da nata, an tace shi daga ƙanjamau, ciwon hanta da tunjere. Ga wadda ta daɗe da ƙarancin, a hankali ake sa shi, galibi tare da allurar sa fitsari, don kada ruwa ya taru a huhu. Bayan an sallame ta tana ci gaba da shan ƙwayar ƙarfe kimanin wata uku.