Dokar ninka madaukai da inda ta tsaya

Ɗalibin ilimin kwamfuta yakan haddace doka guda tun a zangon farko: idan madauki, wato `for` ko `while`, yana cikin wani madaukin, sai a ninka yawan zagayen na waje da na ciki. Na waje ya zagaya sau n, na ciki ma sau n, amsa O(n²). Dokar gaskiya ce, amma tana da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ake mantawa. Ana ninkawa ne kawai idan na ciki yana yin zagaye iri ɗaya a kowane juyi na na waje. Da zarar iyakar na ciki ta rataya a kan maƙirgin na waje, ninkawa ta daina aiki, sai tarawa.

Kafin mu ga haka, bari mu fara da rabawa biyu. Idan i ya fara daga n, kowane juyi ana raba shi biyu, sau nawa za a juya kafin ya ƙare? Ɗauki 16. Za ka samu 16, 8, 4, 2, 1, juyi biyar ke nan. Daga 1024 juyi 11 ne, daga 1,048,576 kuma juyi 21 kacal. Wannan shi ne log n, wato sau nawa za ka raba lamba biyu kafin ka iso 1, sai ƙarin juyi ɗaya na kan 1 ɗin kansa. Madaukin da ya fara daga 1 yana ninka kansa biyu har ya kai n shi ma haka yake, hanya ɗaya ce aka bi ta baya. Ko da uku ake rabawa, O(log n) za a rubuta, domin bambancin log₂ n da log₃ n ninki ne tsayayye, kusan 1.58, kuma alamar O ba ta kula da irin wannan.

To, ga guntun kod na farko a Python:

```python
kirga = 0
i = n
while i >= 1:
    for j in range(n):
        kirga += 1
    i = i // 2
```

Na ciki bai san da zaman i ba. Ko i yana 1024 ko yana 1, sau n zai zagaya. Sharaɗi ya cika, don haka a ninka: O(n log n). Idan n ya zama 1024, `kirga` zai tsaya a 11 × 1024, wato 11,264.

Yanzu a canza harafi ɗaya tak:

```python
kirga = 0
i = n
while i >= 1:
    for j in range(i):
        kirga += 1
    i = i // 2
```

Ido zai ce ai abu ɗaya ne. Na waje log n, na ciki yana iya kaiwa n, sai hannu ya rubuta O(n log n) ya wuce. A nan ake faɗuwa. Sau ɗaya kawai na ciki ya kai n, a juyin farko. A juyi na biyu rabin haka ya yi, a na uku rubu'i. Idan n yana 16, aikin shi ne 16 + 8 + 4 + 2 + 1, wato 31, alhali ninkawa za ta ba ka 80. Idan n yana 1024, jimillar 2047 ce. Lura da cewa kullum tana tsayawa gab da 2n, ba ta taɓa cika shi ba.

Dalilin ba shi da wuyar gani. Ka ce kana da kwano biyu na gero. Juyin farko ya kwashe kwano ɗaya. Na biyu ya ɗebi rabin kwanon da ya rage, na uku rabin saura, haka dai. Kowane juyi rabin abin da ya saura yake ɗiba, saboda haka komai yawan juyin, kwano na biyu ba zai ƙare ba. Aikin duka bai kai 2n ba, amsa O(n). Juyin farko shi kaɗai ya fi duk sauran a haɗe.

Wani zai ce, to ai O(n log n) ba ƙarya ba ce, tunda alamar O iyaka ce ta sama. Haka ne, kamar wanda ya ce tafiyar Kano zuwa Zariya ba za ta wuce mako guda ba: bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗa maka komai ba. Malami a jarrabawa matsattsiyar iyaka yake nema, wadda ake rubutawa da Θ, kuma a nan Θ(n) ce. Bambancin kuwa ba ƙarami ba ne. A n = 1,048,576, kod na farko yana yin taku 22,020,096, na biyu 2,097,151.

Sai dai kada wanda ya koyi wannan ya zarce ya ɗauka cewa duk inda na ciki ya dogara da i, log zai ɓace. Duba wannan, inda aka juya tsarin:

```python
kirga = 0
for i in range(1, n + 1):
    j = 1
    while j <= i:
        kirga += 1
        j = j * 2
```

Nan ma tarawa za a yi, domin iyakar na ciki i ce: log 1 + log 2 + … + log n. Amma lambobin da ake tarawa ba sa raguwa da sauri kamar na ɗazu. Rabin ƙimomin i sun haura n/2, kuma log na n/2 ya gaza log n da ɗaya kawai. Ke nan rabin juyin kowanne yana cin kusan cikakken log n. A n = 1024 jimillar 9,228 ce, ba ta yi nisa da 11,264 ba. Amsa Θ(n log n). Tarawa ce ta ba mu amsar duka biyun. A ɗaya ta rushe abin da ninkawa ta faɗa, a ɗaya ta tabbatar da shi.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta takarda da biro. Ka rubuta ƙimomin da maƙirgin waje zai ɗauka a jere, a ƙarƙashin kowace ka rubuta zagayen na ciki, sannan ka dubi layin ƙasa. Idan lambobin iri ɗaya ne, ninka. Idan kowace rabin ta gabanta ce, ko ninkinta biyu, babbar cikinsu ce ke yanke hukunci. Idan suna hawa ɗaya-ɗaya, 1, 2, 3 har n, jimillar n(n+1)/2 ce, wato Θ(n²).

In kana shakkar amsarka, gudanar da kod ɗin ka raba `kirga` da n. A kod na biyu sakamakon zai liƙe kusa da 2 komai girman n. A na farko zai ba da 11 a 1024, 12 a 2048, 21 a 1,048,576, yana ƙara ɗaya duk lokacin da n ya ninka. Wannan hawan a hankali shi ne sawun log. Agogo ba ya nuna shi da kyau a ƙananan lambobi, shi ya sa ƙirga taku ya fi auna daƙiƙa.

Akwai tarko biyu da ya kamata a duba kafin a fara lissafin komai. Idan sharaɗin ya zama `i >= 0`, madaukin ba zai tsaya ba har abada, domin `0 // 2` sifili ne. Haka ma idan j ya fara daga 0 ana ninka shi biyu. Na biyun ya fi ɓuya: a Python 3, `i / 2` ba ya yar da ragowa kamar `i // 2`. Idan aka haɗa shi da `while i > 0`, i zai sauka 0.5, 0.25, ya yi ta ƙanƙancewa sama da juyi dubu kafin kwamfuta ta mayar da shi sifili. Wanda ya yi tsammanin juyi 11 daga 1024 zai tarar da fiye da 1,080.