Kaka zai yi jawabi ranar suna: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

"Malam, wai dole ne kaka ya yi jawabi ranar suna?"

A'a. Abin da aka sani shi ne a taru a ƙofar gida bayan sallar asuba, a raɗa wa liman suna, ya yi addu'a, a shafa fatiha, a raba goro da dabino, a yanka rago. Maganar kaka godiya ce ta maigida ga baƙinsa, ta zama "jawabi" ne da aka fara kafa rumfa ana ɗauko lasifika. In bai yi ba, suna ya raɗu.

"Minti nawa ya kamata ya ɗauka?"

Biyu. In ya matsa, uku. Mutane sun fito tun duku-duku, wani zai buɗe shago, wani zai kai yara makaranta.

"Shi ne zai faɗi sunan jaririn?"

Ba aikinsa ba ne. Uba ko wakilinsa ke raɗa wa liman, liman ya faɗa a cikin addu'a, inda akwai sanƙira ya ɗaga murya kowa ya ji. Kaka bayansu yake zuwa. Kada ya riga malam masallaci, kuma don Allah kada ya tsaya fassara ma'anar sunan kamar mai darasu.

"Baba ya ce in rubuta masa abin da zai faɗa. Me zan rubuta?"

Kada ka rubuta masa komai. Dattijon da ya aurar da 'ya'ya ba ya bukatar takarda kafin ya gode wa maƙwabtansa, kuma da zarar ya fara lalubar tabarau yana karanta kalmomin da ba nasa ba, kowa zai gane. Tuna masa jerin kawai: godiya ga Allah da salati, godiya ga waɗanda suka zo, addu'a ga jariri, addu'a ga maijego, sallama. Ga yadda take fitowa a bakin dattijo:

"Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Malam liman, mai unguwa, surukanmu da suka taso tun jiya, maƙwabta da abokan arziki, mun gode, Allah ya bar zumunci. Kun ji suna. Allah ya raya ta bisa tafarkin addini, ya sa mai jin ƙan iyayenta ce, ya ba ta ilimi mai amfani. Uwarta kuma Allah ya ƙara mata lafiya, ya ba ta ikon shayarwa. Waɗanda ba su samu ba, Allah ya ba su masu albarka. Ni dai na yi sabuwar amarya, tsohuwar sai ta yi haƙuri. Kowa Allah ya mai da shi gida lafiya."

Shi ke nan. Lura da maijego: ita aka fi mantawa, alhali ita ke cikin ɗaki tana fama da wankan jego da kunun kanwa, kuma matan da ke tsakar gida suna jin duk abin da aka faɗa a lasifika.

"Wasan jika bai zubar da girma ba a gaban malamai?"

Bai zubar ba, kwantar da hankalinka. Kaka ya kira jikanya amaryarsa, ko ya ce jika namiji ya zo ƙwace masa mata, wannan tsohon wasa ne, liman ma murmushi zai yi. Jimla ɗaya ta isa. Abin da ba na son ji shi ne tsokana a kan hancin jariri ko launin fatarsa, ko "wannan bai yi kama da kowa a gidanmu ba." Irin wannan maganar dangin uwa kan riƙe ta shekara da shekaru.

"Haihuwar fari ce, an yi ta a gidan iyayen yarinya, kakanni biyu duk za su zo, kuma sunan ɗayansu aka sa. Wa zai yi magana?"

To, nan ne ake samun ɓacin rai, kuma amsar ba ɗaya ba ce, don Kano daban, Sakkwato daban, Damagaram daban, kai har gida da gida ma. Abin da na fi gani shi ne taron raɗin suna na dangin uba ne: su ke kawo rago da goro, su ke zaɓen suna. Saboda haka in a ƙofar gidansu aka taru, kakan wajen uba ne mai godiya, ya kuma fara da surukinsa kafin kowa in an cire liman da mai unguwa. Amma in yarinya ta je goyon ciki aka yi taron a ƙofar gidan mahaifinta, to tabarmarsa aka shimfiɗa, maƙwabtansa ne suka cika wurin, ba zai yi kyau baƙo ya tashi yana yi wa mutane sannu da zuwa a gidan da ba nasa ba. A nan na fi son mai gida ya yi maraba da godiya, kakan wajen uba ya biyo da addu'a ga jariri da godiya kan ɗawainiyar da aka yi da maijego. Kowa minti ɗaya. Sai dai wani mahaifin, musamman in yarinyar ita ce 'yar farinsa, kunya ba za ta bar shi ya buɗe baki ba, wani ma ba ya zama a wurin. In haka ne kada a tilasta masa, ƙaninsa ko amininsa ya wakilce shi.

Batun takwara kuwa, wanda aka yi wa bai kamata ya tsaya yana jinjina abin ba, don ɗaya kakan yana zaune yana ji. Ya ce an yi masa kara, ya gode, Allah ya sa yaron ya fi shi, ya wuce. In iyaye sun riga sun zaɓi sunan da za a riƙa sakaya shi da shi, Abba ko Khalifa, yana iya faɗa don a sani, tunda ɗansa da surukarsa ba za su iya kiran sunan gatsau ba. In kuma da ma akwai 'yar tsama tsakanin gidajen biyu, ko an yi ja-in-ja kan sunan, shawarata kada kowa ya karɓi lasifika, liman ya haɗa godiyar a cikin addu'a. Duk yadda za a yi, a gama maganar a daren jajibiri. Ba da safe ba ana miƙa wa juna makirufo ana "a'a, Alhaji, bismilla."

"Zai ambaci waɗanda suka kawo gudummawa da sunayensu?"

Kul! Ka ambaci wanda ya kawo buhun shinkafa, ka bar wadda ta kwana uku tana daka da wanke-wanke? Liman, mai unguwa, surukai, waɗanda suka zo daga nesa, a jimlace. Mai buhu a bi shi gida a gode masa.

"Mace ce aka sake haifa, ta huɗu ke nan. Ya ce wani abu don rarrashin uban?"

Rarrashin me? Wani ya mutu ne? In na ƙara jin "Allah ya kawo namiji a gaba" a wurin suna, tashi zan yi. Ya sa mata albarka kamar yadda zai sa wa namiji.

"In murya ta sarƙe masa fa, ko ya yi hawaye?"

Ba komai. Ya ce "Allah ya raya," jama'a za su amsa da amin, wani ya karɓi makirufon a ci gaba da rabon goro.