Kumburin ƙafa da yamma da yadda ake gwada takalmi a shago

Ƙafar mutum takan ɗan ƙara girma daga safiya zuwa yamma, ko da lafiyarsa ƙalau. Dalili shi ne jinin da ya sauka ƙafa dole ne ya hau sama kafin ya koma zuciya, kuma abin da ke taimaka masa shi ne tsokar sha-raɓa, wadda take matse jijiyoyin jini a duk takun da aka yi. Idan mutum ya daɗe a tsaye ko a zaune ba motsi, kamar fasinja a doguwar tafiya, sai jini ya taru a ƙasa, ruwa ya riƙa tsattsafowa daga ƙananan jijiyoyi yana shiga naman ƙafa da kewayen idon sawu. Zafin rana yana ƙara abin domin yana buɗe jijiyoyi, haka ma yawan gishiri da juna biyu. Idan aka kwanta da dare ruwan yakan koma cikin jini.

Saboda haka bayan la'asar ya fi dacewa a gwada takalmi sau-ciki, domin wanda ya zauna daidai da hantsi yana iya matsewa kafin magariba. A sa safar da za a riƙa sawa da shi, a gwada ƙafa biyun, tunda sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya girma, kuma babbar ake bi. A tsaye ake gwaji, saboda tafin ƙafa yana bajewa idan nauyin jiki ya hau kansa.

Tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmi ya kamata a sami kimanin santimita 1, kuma a wasu mutane yatsa na biyu ne ya fi tsawo. Idan shimfiɗar cikin takalmin tana fita, a ciro ta a taka: ƙafar da ta zarce gefenta ba za ta sake a ciki ba. Wannan gwajin ya fi lamba amfani. A ma'aunin Turai, tazarar lamba 42 da 43 ba ta kai milimita 7 ba, kuma tsawo lambar take nunawa, don haka mai faffaɗar ƙafa da 42 ta matse wa gefe yana iya ɗaukar 43 ya tarar dunduniyarsa tana fita, gefen kuma bai sake sosai ba. Wata ƙirar takalmi mai faɗi yake buƙata. Daga nan a yi 'yar tafiya a shagon. Kada a dogara da cewa takalmin zai buɗe: fata takan ɗan saki a faɗi, amma tsawo ba ya ƙaruwa.

Kumburin da bai saɓe ba har wayewar gari, ko wanda yake barin rami idan an danna da yatsa, yana iya zama alamar ciwon zuciya, ƙoda ko hanta. Idan kuwa ƙafa ɗaya ce ta kumbura da zafi, ko numfashi yana sarƙewa, a gaggauta zuwa asibiti. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta rage ji ya fi kowa buƙatar gwajin shimfiɗa, domin takalmi yana iya ji masa rauni bai sani ba.